Kan keke da takardar da ta rako shi

Bahaushe bai tara kyauta duka a ƙarƙashin suna guda ba. Abin da matafiyi ya riƙo da hannunsa tsaraba ne, abin da ya ba wani ya kawo saƙo ne, ɗan abin da ake miƙa wa manzon kuwa tukuici. Tsaraba ba ta bukatar takarda, domin mai ita yana zaune a kan tabarma, ana iya tambayarsa. Saƙo shi ne maraya: yana isowa ba mai yi masa magana, kowa ya fassara shi yadda ransa ya so. Shi ya sa mutanen da ba su cika sakin kaya ba tare da wasiƙa ba.

A shekarar 2005 wani saƙo irin wannan ya sauka a wani gida na unguwar Kalley, kusa da Babbar Kasuwar Yamai. Wani direba ne ya kawo shi daga Kumasi, ta Tamale da Wagadugu. Yaron gidan, ɗan shekara goma sha takwas, ya faɗi jarrabawar ƙarshen koleji sau biyu, ya aika wa kawunsa roƙon kuɗin mota zuwa Agadas, daga can ya nufi Libiya. Da aka kwance buhun sai ga kan keken ɗinki, baƙi, tsoho, ba teburi ba ƙafa. Yaron ya ɗauke shi a matsayin ba'a. An ce takarda na ciki, amma da ajami aka rubuta ta, shi kuwa Faransanci ya sani. Dole aka kai ta wurin wani dattijon malami na unguwa, ya karanta a gaban yaron da uwarsa.

Wasiƙar ta bi tsohuwar hanya: bisimilla, sunan mai aikowa, doguwar gaisuwa, sannan «bayan haka». Wannan tsari yana da tushe a ƙasar da ta fito. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete Karaci a 1934, ya bar littafi da Larabci a kan ƙa'idar rubuta wasiƙa, kuma malaman zango-zangon Gana sun daɗe suna rubuta wa fatake takardunsu. Gaisuwar ba ɓata tawada ba ce. Ita ke nuna wa mai saurare matsayin mai magana kafin a zo ga abin da ba shi da daɗin ji.

Abin da ba shi da daɗin ji shi ne ƙin aiko kuɗi, kuma kawun bai ɓoye dalilinsa ba. «Ɗana,» in ji shi, «ina yaro a Kumasi a Nuwamban 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasa. Kakanka yana da rumfa cike da kaya, ya sayar da ita a wulaƙance. Maƙwabcinmu tela ya kwance kan kekensa, ya ɗora a ka. Mun iso Yamai tare. Kafin mako ya zagayo shi yana ɗinki a bakin kasuwa, mu muna cin bashi.» Ya ƙara da abin da uwar yaron ta gani da idonta: a Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi, wanda ya kwana da ajiya ya tashi da rabin ƙarfinta a gaban kayan waje. Kuɗi suna narkewa, rumfa ba ta ƙetare iyaka, amma abin da hannu ya iya ba jami'in da ke karɓe shi a shinge.

Daga nan ya juya ga keken kansa, yana amsa tambayoyin da ya san za a yi. Me ya sa tsoho? Domin cikinsa ƙarfe ne, kuma duk makanikin keke ya san shi. Me ya sa ba na lantarki ba? Domin a watannin zafi wuta takan ɗauke, keken ƙafa kuwa ba ya jiran kowa. Me ya sa kai kaɗai? A nan ne ya fi tsanantawa: «Teburi da ƙafa ka nema da guminka, a Katako ko wurin wani tela. Abin da aka ba ka dukansa, da sauƙi kake sayar da shi.»

Sai ya shiga koyarwa kamar yaron na gabansa. Kada a zuba wa keke man gyaɗa, domin yana daskarewa ya kama ƙura. Man keke kaɗai, ɗigo-ɗigo. Allura lamba 14 ga yadi mai laushi, 16 ko 18 ga mai kauri. In zare ya yi kunnuwa a ƙarƙashin yadi, kada a taɓa kwarkwaro, zaren sama ne ya yi sako-sako, shi za a ɗaure. In ɗinki yana tsallake, a fara duba allura: ko ta lanƙwashe, ko an sa ta a juye. Mai karatu zai iya ganin waɗannan layuka ƙananan abubuwa ne, alhali su ne shaidar cewa kyautar ba korar mai roƙo ba ce. Wanda ya so rabuwa da kai ba ya zama ya rubuta maka lambar allura.

Sharuɗɗan suka zo a ƙarshe. Keken zai kwana a ɗakin uwar, ba a sayarwa, ba a jingina. Yaron zai yi shekara biyu a ƙarƙashin tela kafin ya karɓi aikin kansa. In ya fara samu, kowace jikka, wato dala ɗari biyu, a kasa ta uku: dala 100 ga tukunyar gida, 60 ga zare da allura da mai, 40 a asusu. «In shekara biyu ta cika kana son tafiya, ni zan biya mota, amma da kan keken za ka tafi. Haza wasalam.»

Ashe kawun bai hana tafiya ba. Ta yaya wanda ya yi rayuwarsa a ƙasar wasu zai hana? Abin da ya ƙi shi ne tafiya hannu rabbana. Kuma ya faɗi haka da harshen kawu, wanda ba shi da ikon uba na tilastawa, sai lallashi da alkawari. Karatun da aka yi a gaban malami ya ba shi abin da ya rasa: alkawarin ya sami shaidu, na yaron da nasa duka.

Wasiƙa ba ta yin mu'ujiza. Kan keken ya yi wata huɗu a ƙarƙashin gado kafin yaron ya samo masa ƙafa, kuma ba da fara'a ya fara zuwa shagon tela ba. Amma akwai abin da ya dame shi fiye da rashin kuɗin mota: shekara goma yana makaranta, ga takarda da harshen uwarsa, da sunansa a kai, sai da wani ya karanta masa. Lokacin da ya tashi ba da amsa, ya rubuta Hausa da baƙaƙen boko, yana kuskuren ƙugiya a kan ƙ da ɗ, domin ba wanda ya taɓa koya masa. A Kumasi kuma sai da kawun ya nemi ɗan makaranta ya karanta masa. Harshe ɗaya, jini ɗaya, rubutu biyu, kowannensu yana bukatar tafinta.