Wa'adin rufe layi: na hukuma ne ko na ɓarawo?

A watan Nuwamba na 2013, hukumar da ke kula da harkar sadarwa a Nijar, wadda a yau ake kira ARCEP, ta ba da umurni aka rufe layukan salula kimanin miliyon 1,7 daga cikin miliyon 5,4 da ake da su a ƙasa. Dalili shi ne masu su ba su yi rajista da sunansu ba, alhali tun 2012 gwamnati ta wajabta hakan. Kusan kashi ɗaya bisa uku ke nan. Saboda haka mutumen Maijirgi da ya razana domin an ce masa za a rufe layinsa bai cancanci dariya ba. Abin ya taɓa faruwa, kuma bisa wannan tsoro ne ɓarayin zamani suka kafa sana'arsu.

To amma akwai bambanci babba tsakanin wancan wa'adi da saƙonnin da ke faɗowa cikin waya da tsakar dare. Na 2013 bai zo a ɓoye ba. An yi watanni ana shela, an kuma buƙaci mutum ya kai kansa da takardar shaida wurin wakilan kampani. Hukuma in za ta rufe layukan jama'a, kowa zai ji: radiyo zai faɗa, mai shagon cajin waya zai sani, maƙwabci ma zai sani. Wa'adin da mutum ɗaya tak ya samu, aka kuma ba shi awa 24, ba na hukuma ba ne.

Ga misalin yadda abin yake tafiya. Wani ɗan kasuwa mai sayen wake a ƙauyuka yana aikawa Maraɗi, dukan cinikinsa bisa layi guda yake: da shi dillalai suke kiransa, cikinsa kuma yake ajiye kuɗi, a ce jikka 300. Sai saƙo ya shigo da Faransanci, cewa rajistarsa ba ta cika ba, gobe za a rufe. Kafin ya samu mai karanta masa da kyau, sai ga kira. Mai kiran yana da ladabi, yana jin Hausa, har ya san sunansa. Ya ce daga kampani yake, zai taimaka masa ba sai ya je Tasawa ba: yanzu wata lamba za ta shigo, Alhaji ya karanto ta kawai. Lamba ta shigo kuwa, mai alƙalami 6.

Nan ne wurin da ya kamata a tsaya, domin lambar gaskiya ce, shi ya sa take ruɗi. Mai kiran ne ya sa lambar wayar Alhaji cikin tasa wayar yana neman buɗe WhatsApp da ita, shi kuwa WhatsApp ya aiko da lambar tabbatarwa ga mai layi. In Alhaji ya karanto ta, asusunsa ya koma hannun wani. Daga nan sai a bi dillalansa da danginsa ɗaya bayan ɗaya, da sunansa da hotonsa, ana cewa a ranto masa jikka 50 kafin marece. In kuwa lambar sirrin asusun kuɗi aka tambaya, da sunan «sabunta rajista», to jikka 300 ɗin ake nufi. Rajista ta gaskiya tana bukatar suna da katin ɗan ƙasa ko fasfo. Ba ta bukatar lambar sirri, ba ta bukatar lambar da ta shigo yanzu. Sanin sunan mutum ma ba hujja ba ne: sunan babban ɗan kasuwa da lambarsa suna rubuce jikin ƙofar shago, suna cikin wayoyi ɗari.

Wani lokaci ba su tambayar komai, sai su ce a danna wasu alƙalumma. Duk abin da ya fara da `**21*`, lambar waya ta biyo baya, ya ƙare da `#`, umurni ne na karkatar da kira: duk wanda ya kira Alhaji, wayar ɓarawo za ta yi ƙara, har da kiran da ke karanto lambar tabbatarwa. Wanda ya riga ya danna, `##002#` yana soke karkatarwar.

Mutane da dama suna dogara da sunan da ya fito saman saƙo. Wannan ma'auni rabinsa ne ke aiki. In saƙo ya zo daga lambar mutum mai alƙalami 8, ko daga wadda ta fara da `+234` ta Nijeriya maimakon `+227`, magana ta ƙare, kampani ba ya aiki haka. Amma ganin sunan Airtel ko Moov Africa ko Zamani Telecom ko Niger Telecom bai isa shaida ba, domin ana iya ƙaryar sunan mai aiko da saƙo. Kusancin iyaka kuma ya ƙara dagula lamarin. Daga Disamba 2020 Nijeriya ta yi ta sa wa'adi kan haɗa layi da lambar NIN, tana ɗagawa, har zuwa Satumba 2024. Waɗannan sanarwoyi, na gaskiya da na jabu, sun yi yawo da Hausa a wayoyin mutanen da ke da dangi da abokan ciniki a Katsina da Kano. Layin Nijar ba ruwansa da NIN.

Batun kyautar intanet ya fi sauƙi. Saƙon yakan ce albarkacin salla ko cikar kampani wasu shekaru ana raba giga 50, a danna adireshi, a kuma tura wa rukuni 5. Kampanin da ke riƙe da layin mutum ba ya bukatar a gaya masa lambar, ba ya kuma bukatar a yi masa talla kafin ya zuba kyauta. In ya zuba, ana ganinta wurin duba ragowar kiredi. Abin takaici, sau da yawa ma'aikata masu ilimi ne ke fara turawa cikin rukunin lakwal ko na ma'aikata, da cewa «ko da gaskiya ne», sai na ƙasa su gaskata saboda mushe ne ya turo. Shi adireshi daga dama ake karanta shi, daga gaban sandar `/` ta farko. A misalin `arcep.ne.rajista-sim.xyz/niger`, mai gidan shi ne `rajista-sim.xyz`. Sunan `arcep.ne` ado ne aka liƙa a gaba.

Tabbatarwa kuwa ba a yin ta ta hanyar da saƙon ya shimfiɗa. A kashe kiran, kada a kira lambar da ke cikin saƙo. A nemi lambar sashen kula da masu layi daga jikin katin da sim ya zo ciki, ko a tambayi wakilin kampani da aka sani ido da ido, ko a hau mota zuwa Tasawa da katin ɗan ƙasa a aljihu. Kuɗin motar bai kai kashi ɗaya bisa ɗari na jikka 300 ba.

Akwai wanda saƙon ƙarya bai kamata ya sa shi sakaci ba: mai layin da aka yi wa rajista da katin wani, ɗa ko ƙane ko mai sayar da sim a tasha. Irinsu suna da yawa a ƙauyukan Tasawa da Mayahi, inda ba kowa ke da takarda ba. Ranar da wayar ta ɓace, ko aka kwashe asusun, wanda sunansa ke cikin rajista shi kampani ya sani, kuma shi za a nema kafin a sake ba da layin.