Tsanin da ake hawa don rabuwa da waswasin wanke hannu

Tun lokacin Korona muke ta yi muku wa'azin wanke hannu, kuma ba mu janye ba. Amma yau zancenmu a kan mutumin da wankin ya zame masa ciwo ne. Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiransa ciwon waswasi: tunanin ƙazanta ya addabi mutum, ya wanke ya samu sauƙi na ɗan lokaci, tunanin ya dawo da ƙarfi, ya sake wankewa. Idan abin yana cin fiye da awa ɗaya a rana, ko yana hana sana'a da zaman gida, ya wuce tsafta.

Mu masu harhaɗa magunguna a hannu muke fara ganinsa. Wata baiwar Allah 'yar Nok, mai sana'ar citta tsakanin Kwoi da Kafanchan, ta yi watanni tana sayen man shafawa a wurina saboda tsagewar fata. Hannuwanta sun yi ja, bayan yatsun yana fitar da jini. Da hira ta yi hira, sai ta ce tun da autanta ya kwanta ciwon taifot take wanke hannu kusan sau arba'in a rana, kowane wanki sai ta cuɗa sabulu sau uku. Babban abin tsoronta kuɗi ne, ga shi kuwa sana'arta ta karɓar kuɗi ce. Na tura ta wurin masanin halayyar ɗan Adam, ni kuma na ci gaba da kula da maganinta. Da izininta nake ba ku labarin.

Hanyar da aka bi da ita, wani masani mai suna Victor Meyer ne ya fara bayyana ta a Landan a 1966. Ƙafa biyu gare ta: a tunkari abin tsoron da gangan, sannan a hana kai wankin da aka saba yi bayansa. Dalili shi ne, duk lokacin da ta wanke ta ji sanyi, ƙwaƙwalwa tana ɗaukar darasin cewa wankin ne ya ceci yaron. Muddin tana wankewa, ba za ta taɓa ganin cewa fargaba na sauka da kanta ba. Sai dai ba a jefa mutum tsakiyar kogi a ce ya koyi iyo. Tsani ake ginawa, a hau mataki-mataki.

Kafin a gina, ta yi mako guda tana rubutawa a ɗan littafi: me ta taɓa, me ta ji tsoron zai faru, sau nawa ta wanke. An kuma sa ta rubuta abin da take gudu, domin nan ne yawancin ciwon ke ɓoye. Ashe ta daina gaisawa da hannu, da gwiwar hannu take tura ƙofa, yarinyarta ce ke karɓar mata canji. Daga nan ta ba kowane abu maki daga 0 zuwa 100, gwargwadon tashin hankalin da za ta ji in ta yi shi ba ta wanke ba. Makin nata ne, ba na likita ba, ba na mijinta ba. Ga yadda tsanin ya fito:

20: ta riƙe hannun ƙofar ɗakinta da tafin hannu.
30: ta riƙe sabuwar takardar kuɗi.
45: ta ƙirga tsofaffin naira ɗari-ɗari na kasuwa.
55: ta riƙe ƙarfen keke napep har ta sauka.
65: ta gaisa da mai saye hannu da hannu.
75: ta ƙirga kuɗi, ta shafa hannun a zaninta da matashin kanta.
90: ta dawo daga kasuwa ta ɗauki autanta, ba wanka, ba canza kaya.

Ku lura, kuɗin nan ɗaya ne ya fito sau uku, maki daban-daban. Abin da ke canza nauyin mataki shi ne tsufan takardar, tsawon lokacin riƙewa, da kuma inda hannun zai je daga baya. Da wannan ake cike giɓi. A tsarin farko babu komai tsakanin 45 da 65. Da ta gwada gaisawa ta kasa, sai aka saka matakin keke a tsakiya. Idan mutum ya kasa hawa mataki, galibi tazarar ce ta yi yawa, sai a raba shi biyu.

Ƙafa ta biyu ita ce dokar wanki, kuma a rubuce aka yi ta. Za ta wanke hannu bayan banɗaki, kafin girki da cin abinci, bayan ta gyara yaro, da kuma in ta ga datti da idonta. Sau ɗaya, daƙiƙa ashirin, da sabulu. Wannan ita ce tsaftar kowa, ba a taɓa ta. Haka nan ba a saka haɗari na gaske a tsani. A ƙasar da kwalara da zazzaɓin Lassa suke, babu mai cewa a taɓa kashin ɓera ko a sha ruwan da ba a yarda da shi ba. Ma'aunin shi ne abin da maƙwabciyarta mai lafiya take yi kullum ba tare da tunani ba.

An fara da mataki na 30. Ta riƙe takardar da hannu biyu, makin ya haura 50 a mintunan farko, zuciya na bugawa, tafin hannu na gumi. Ana tambayarta makin duk bayan minti biyar. Wajen minti arba'in ya sauko 25, ba ta wanke ba. Ta maimaita a gida kullum, sai da matakin ya zama ba komai kwana uku a jere, sannan aka hau na gaba. Akwai ranakun da makin bai sauka sosai ba. Wannan ba faɗuwa ba ce, tunda ta koyi cewa za ta iya zama da fargabar ta ci gaba da aikinta.

A mataki na 45 abu ya tsaya cik, kwana goma makin bai motsa ba. Wannan alama ce ta cewa wanki ya sake kama. Da aka bincika, da yatsu biyu take ƙirga kuɗin, tana ware su daga sauran, tana cewa a ranta in an gama za ta wanke. Da dare kuma sai ta tambayi mijinta, "Baban yara, ka tabbata ba abin da zai same shi?" Shi kuma don tausayi ya ce ba komai. Wannan amsa aikin sabulu take yi. Aka koya masa ya ce, "Na san da wuya, amma mun yi alkawari ba zan amsa wannan ba." Aka kuma cire man tsabtace hannu daga jakarta. Cikin mako guda makin ya fara sauka. A mako na goma sha huɗu ta kai matakin ƙarshe, wankinta ya dawo ƙasa da sau goma a rana. Tunanin yana leƙowa jefi-jefi, musamman in yaro ya yi zazzaɓi, amma ta san abin yi.

Ta ɓangarena, likita ya rubuta mata fuloksetin. Irin wannan magani yakan ɗauki mako takwas zuwa goma sha biyu kafin a yanke hukunci kan amfaninsa ga waswasi, kuma sau da yawa ana buƙatar adadi sama da na ciwon damuwa. Kada a daina don an yi wata guda ba a ga canji ba, kada kuma a yanke shi rana ɗaya ba da sanin likita ba.

Idan a gidanku akwai mai irin wannan, kada ku ɓoye sabulu ko ku kama hannunsa da ƙarfi ku dangwala a datti. Tsanin da aka tilasta wa mutum ba ya hawuwa. Ku fara da littafin nan na mako guda, ku tafi da shi babban asibiti mafi kusa a tura ku, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Mai juna biyu, da wanda baƙin ciki ya kai shi ga tunanin kashe kansa, su ga likita kafin komai.