Habeas corpus da pro bono: abin da suke nufi ranar da aka tsare ɗan ajinku

Jama'a, mu da muke karatu a nan Kudu, nesa da gida, ya kamata mu san kalmomin Latin guda biyu da lauyoyi ke yawan rubutawa. In aka kama ɗalibi, babu baba ko kawu a kusa, mu ne dangin juna.

Ta farko ita ce habeas corpus. Ma'anarta a zahiri "ka zo da jikin". Umarni ne da babbar kotu ke ba wanda ke tsare da mutum, cewa ya kawo shi gaban alƙali ido da ido, kuma ya faɗi dokar da ta ba shi ikon riƙe shi. Daga Ingila muka gaje ta, inda suka yi mata doka ta musamman a 1679. A lura, ba shari'ar laifi ake yi ba. Tambaya ɗaya ce tak: tsarewar nan tana bisa doka ko a'a?

A bara wani ƙaninmu ɗan aji biyu ya samu saɓani da mai gidan da yake haya a wajen makaranta kan ragowar kuɗin haya. Ranar Litinin aka ɗauke shi, har Alhamis ba a kai shi kotu ba. Wata ƴar ajinmu da ta karanci shari'a ta haɗa mu da lauya, kuma abin da ya fara tambaya shi ne: yaushe aka kama shi, ina yake, kuma akwai kotu kusa?

Dalili shi ne sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999. Ya ce in akwai kotun da ke da hurumi a cikin tazarar kilomita 40, kwana ɗaya ake da shi a gurfanar da wanda aka kama. In babu, kwana biyu ne, ko abin da kotu ta ga ya dace. Haka kuma dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da yaren da yake ji. Ga kuma Dokar Ƴan Sanda ta 2020 da ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai.

Tunda yaron yana tsare, ba zai iya zuwa ya rantse ba. Dokokin kare haƙƙin ɗan Adam na kotu na 2009 sun yarda wanda ya san lamarin ya yi takardar rantsuwa a madadinsa, don haka abokin ɗakinsa ya yi. A kan takardar lauyan mun ga an rubuta ex parte, wato roƙon gaggawa da alƙali ke saurara daga ɓangare ɗaya kafin a ji ɗayan. Da takardun kotu suka isa hannun masu tsare shi, sai aka ba da shi beli. Bashin haya kuwa yana nan, sai da muka yi karo-karo aka biya.

Amma fa tana da iyaka. In an riga an kai mutum gaban majistare, ya ba da umarnin a ci gaba da tsare shi, masu tsarewar sun samu takardar da za su nuna. Daga nan maganar ta fi komawa neman beli. Kuma ƙa'idar kwana ɗaya ko biyun nan ba ta shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Shi ya sa tambaya ta farko ita ce: an kai shi kotu ko ba a kai ba?

Kalma ta biyu, pro bono, an gajarta ta ne daga pro bono publico, "don amfanin jama'a". Lauya ya yafe kuɗin aikinsa ke nan. Sai dai kyautar ba ta haɗa komai ba. Kuɗin shigar da ƙara, na takardar rantsuwa, na kai sammaci da na mota, sau da yawa suna kanku. Namu lauyan ya faɗa mana tun farko, wasu kuwa sai a tsakiyar tafiya ake jin zancen. Ku tambaya tun ranar farko: Barista, me ka yafe, me ya rage mana? In da hali a rubuta. Kuma lauyan da ya karɓi aiki kyauta, nauyin da ke kansa daidai yake da na wanda aka biya, don haka kada kunya ta hana ku tambayar inda aka kwana.

Ina ake samunsu? Akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya da ke da ofisoshi a jihohi, akwai reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya na garin da kuke, kuma tsangayoyin shari'a da dama suna da ofishin taimakon shari'a kyauta.

In an kama wani naku, ku rubuta rana da lokaci da wurin da aka kai shi da wanda ya gani. Da wannan lauya zai fara aiki. Allah Ya tsare mu.