Albashin da aka rubuta mana da albashin da haraji ke hawa kansa



Mu da muke zaman neman abinci a nan Kudu, da yawanmu yanzu albashi muke ɗauka. Akwai direbobin kamfani, akwai masu gadi, akwai malaman makaranta, akwai yaranmu da suka yi karatu suka samu aikin ofis. Kusan dukkanmu abu ɗaya muke yi a ƙarshen wata: mu duba abin da ya shigo asusu, mu yi hamdala ko mu yi tsaki, mu ninke takardar albashi mu ajiye. Layin da aka rubuta PAYE, wato harajin da ake cirewa tun kafin kuɗi su zo hannu, mun ɗauke shi kamar ruwan sama, yadda ya zo haka za a karɓe shi. Alhali lissafi ne da kowannenmu zai iya bi da biro da takarda, kuma akwai wurin da sakacinmu ke sa a cire fiye da abin da doka ta ce.

Abu na farko da ya kamata mu riƙe shi ne, kuɗinmu suna da fuska uku. Akwai jimillar albashi, wato duk abin da kamfani ya ce yana biyan mutum. Akwai abin da ya rage bayan an fitar da rangwamen da doka ta amince da shi, kuma a kan wannan ne kaɗai ake lissafa haraji. Sannan akwai abin da ke shigowa asusu. Ukun nan ba su taɓa zama ɗaya ba, kuma yawancin gardamar da muke yi a majalisa bayan sallar Isha'i daga cakuɗa su take tasowa.

Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Ta lissafa abubuwan da ake fitarwa daga jimillar kuɗin mutum kafin a taɓa shi da haraji. Daga ciki akwai kuɗin fansho da ma'aikaci ke zubawa, da gudummawar asusun gidaje na ƙasa, da ta inshorar lafiya ta ƙasa, da kuɗin inshorar rai na mutum ko na matarsa, da kuɗin ruwan bashin da aka ci don gina gidan da mutum ke zaune a ciki. Sai kuma rangwamen haya, wanda shi ne sabo, kuma shi ya fi shafar mu baƙi.

Bari mu ɗauki misali, mu bi shi daki-daki. A ce wani ɗan uwanmu yana zaune a Agege, yana aiki a wani kamfani, albashinsa naira 400,000 a wata. An kasa shi kamar haka: gundarin albashi 200,000, alawus na gida 100,000, na sufuri 50,000, sauran alawus 50,000. A shekara jimillarsa ta kama naira 4,800,000.

A nan akwai kuskuren da muke yawan ji a bakin mutanenmu, cewa haraji a kan gundarin albashi kaɗai yake, alawus kuwa kyauta ne. Ba haka ba ne. Alawus na gida da na sufuri da sauransu duk kuɗin shiga ne, cikin jimillar suke. Kalmar alawus tana nuna yadda kamfani ya kasa albashi ne kurum. Rangwame kuwa doka ce ke ba da shi. Saboda haka lissafin ɗan uwanmu daga 4,800,000 zai tashi, ba daga rabinsa ba.

Mataki na farko shi ne fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari, kamfani ya ƙara kashi 10. Ana auna kashi 8 ɗin ne a kan gundarin albashi da alawus na gida da na sufuri, wato 350,000 a misalinmu. Ya kama 28,000 a wata, 336,000 a shekara. Mataki na biyu shi ne asusun gidaje, idan ana cire masa: kashi biyu da rabi na gundarin albashi, 5,000 a wata, 60,000 a shekara. Waɗannan biyun akanta ne ke fitar da su da kansa, domin ta hannunsa suke wucewa.

Mataki na uku shi ne haya, kuma akanta bai san da shi ba sai an faɗa masa. Doka ta ce a fitar da kashi 20 cikin ɗari na hayar da mutum ya biya a shekara, amma kada ya wuce naira 500,000. Ɗan uwanmu yana biyan 900,000 a shekara, don haka rangwamensa 180,000 ne. Wanda hayarsa ta kai 2,500,000 ya riga ya kai iyaka, ko da ya biya fiye da haka 500,000 ɗin zai samu. Wanda ke zaune a gidan kansa kuwa ba shi da wannan rangwame.

Idan muka haɗa ukun, 336,000 da 60,000 da 180,000, sun tashi 576,000. Mu cire daga 4,800,000, saura 4,224,000. Wannan shi ne kuɗin da haraji ke hawa kansa.

Shi ma ba a yi masa kuɗin goro. Hawa-hawa ake binsa. Naira 800,000 ta farko ba a cire komai a kanta. Naira 2,200,000 da ke biye ana cire kashi 15, ya kama 330,000. Mun kai miliyan uku ke nan. Abin da ya haura miliyan uku har zuwa miliyan goma sha biyu, kashi 18 ne. Ɗan uwanmu ya haura da 1,224,000, harajinta 220,320. Jimillar harajinsa na shekara 550,320, wato 45,860 a wata. Akwai matakai na sama da suka kai har kashi 25 ga wanda ya wuce miliyan hamsin, amma wannan ba layinmu ba ne yau.

Ga fuska ukun nan sun fito fili a wata guda. Jimillar albashi 400,000. Abin da aka lissafa haraji a kansa 352,000. Abin da zai shigo asusu, bayan fansho da asusun gidaje da haraji, 321,140.

Akwai wani abu da ke sa mutane jin kamar an yaudare su. Mutum ya ji an ce yana da rangwamen 180,000, sai ya zaci 180,000 za a mayar masa. Rangwame yana rage kuɗin da ake lissafi a kansa ne, abin da ke komawa aljihu kuwa shi ne harajin da da an cire a kan wannan kuɗin. A misalinmu kashi 18 na 180,000 ne, wato 32,400 a shekara, 2,700 a wata. Wani zai ce ai ba yawa. To, kuɗin ɗan uwanmu ne, kuma idan bai nema ba haka za su riƙa tafiya kowace shekara. Da wannan adadin ma ake gane inda matsala take. Idan ya duba takardarsa ya ga 48,560 a layin PAYE maimakon 45,860, bambancin 2,700 ne cif, alamar ba a saka masa haya ba ke nan.

A nan ne al'adarmu ta zaman amana take jawo mana asara. Doka ta ɗora sharaɗin cewa mutum ya bayyana ainihin hayar da ya biya, kuma hukumar haraji tana da ikon neman shaida. Mu kuwa yaya muke kama haya? Wani tsabar kuɗi yake miƙa wa mai gida a gaban shaidu biyu, ba takarda. Wani yayansa ne ya kama ɗakin shekara goma da suka wuce, yayan ya koma Arewa, har yau sunansa ake rubutawa a rasit. Wasu su huɗu suke haɗa kuɗi, rasit ya fito da sunan mutum ɗaya. Duk waɗannan sun biya haya da guminsu, amma ranar da aka ce su kawo shaida, babu abin da za su nuna da sunansu. Gyaran ba shi da wuya. A nemi takardar yarjejeniyar haya da sunan wanda ke biya, a biya ta banki ko a karɓi rasit mai kwanan wata da adireshin gida, a kuma sa a rubuta haya daban da kuɗin dillali da na lauya, domin doka a kan haya ta yi magana. Sannan a kai wa ofishin da ke shirya albashi, kada a jira sai sun tambaya.

Sai kuma abubuwan da muke ganin ya kamata a fitar, amma ba sa cikin jerin doka. Kuɗin da ƙungiyar gama-kai ta wurin aiki ke cirewa, da biyan bashin da mutum ya ci a kamfani, suna rage abin da ke shigowa asusu, amma ba sa rage haraji ko da kwabo. Haka adashi, da kuɗin makarantar yara, da abin da muke aika wa iyaye gida duk wata, da zakka. Nauyi ne na gaske a kanmu, Allah kuma ya san da shi, sai dai lissafin hukuma bai san da shi ba. Mai mata biyu da 'ya'ya tara da gwauron da ke kwana shi kaɗai, idan albashinsu da hayarsu ɗaya ne, harajinsu ɗaya ne.

Waɗanda suka daɗe a aiki za su tuna tsohon tsari, inda kowa ke samun rangwamen bai-ɗaya na naira 200,000 da kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shigarsa, ba tare da ya kawo takarda ko ɗaya ba. An soke wannan. A tsohon tsari ɗan uwanmu zai samu rangwamen da ya ɗan haura miliyan ɗaya, kuɗin da ake lissafi a kansu su sauko wajen miliyan uku da dubu ɗari uku, amma harajinsa ya kai wajen 590,000, domin a da tun daga nairar farko ake cire kashi 7, kuma ana isa kashi 24 da wuri. Yanzu kuɗin da ake lissafi a kansu sun ƙaru, harajin kuma ya ragu. Abin da ya canza da gaske shi ne, rangwamen da yake zuwa da kansa ya tafi, wanda ya maye gurbinsa sai mai takarda.

Shawararmu ita ce kowa ya ɗauko takardar albashinsa ta watan jiya, ya ninka jimillar sau goma sha biyu, ya fitar da fansho da asusun gidaje da kashi 20 na hayarsa, ya bi matakan nan, ya raba da goma sha biyu, ya gwada da abin da ke layin PAYE. Idan sun yi daidai, madalla. Idan ba su yi ba, ya je wurin akanta da lissafinsa a rubuce da rasit ɗinsa a hannu, ya tambaya cikin ladabi a nuna masa inda aka saka hayarsa. Masu karatu a cikinmu kuma su taimaka wa dattawa da waɗanda boko bai wadace su ba, a zauna tare a yi musu lissafin.

Allah ya sa albarka a neman da muke yi, ya mayar da mu gida lafiya.