Gaisuwa Nawa Ta Ishi Mai Ɗaukar Aiki?

Mu 'yan Zango, daga Nima har Maamobi, an tashe mu a kan cewa ba a shiga magana sai an gama gaisuwa. In ka je wurin babba sai ka yi sallama, ka tambayi gida, ka tambayi gajiya, ka jira ya ce "Lafiya?" kafin ka faɗi abin da ke tafe da kai. Tarbiyya ce, ba ma son ta ɓace. To amma wajen neman aiki ta waya, kowace hanya da tsawon gaisuwar da take ɗauka.

A ce wani kamfani a Tema ya sa talla a jaridar Daily Graphic yana neman mai kula da sito, ya ba da adireshin imel. Imel wasiƙar ofis ce. A layin Subject sai ka sa "Application for Storekeeper" da sunanka, domin shi ake fara gani. Gaisuwar layi ɗaya ce, "Dear Sir/Madam". Bayanta jimla uku ko huɗu: aikin da kake nema, inda ka ga tallar, da shekarun da ka yi kana irinsa. Takardar tarihin aikinka ta tafi a PDF, ba hoton da aka ɗauka a kan tabarma ba.

Inda 'ya'yanmu suka fi yin asara shi ne WhatsApp. Kawu ya samo lambar manaja, yaro ya rubuta "Good morning sir", ya yi shiru yana jiran amsa kamar yadda aka koya masa a gida. A wurinmu ladabi ya yi. Shi kuwa manaja baƙuwar lamba ya gani, ba suna, ba dalili, ga wasu saƙonni jibge. Alamun nan biyu su koma shuɗaye, amsa ba ta zo ba, yaro ya ce an raina shi, alhali bai tambayi komai ba tukuna. Abin yi shi ne a haɗa duka a saƙo guda: gaisuwa, suna, wanda ya ba da lambar, aikin da ake nema, sannan a nemi izinin turo takardu. A aika da rana, lokacin aiki, ba bayan sallar Isha ba. Saƙon murya kuwa, duk da muna jin daɗinsa, a bar shi sai manajan ya fara, don ba ya sauraruwa a tsakiyar taro.

Facebook dandali ne, kowa na gani. Wanda ya rubuta "Interested" da lambarsa a ƙarƙashin talla bai nemi aiki ba, ya dai miƙa lambarsa ga 'yan damfara, masu kira su ce a turo kuɗin fom ta MoMo kafin ganawa. A nan tambaya ɗaya ta isa, cikin ladabi: wane adireshin imel za a aika takardu?