Fayil ɗaya, hannu ɗaya

Mu huɗu aka ɗora wa gyaran kundin dokokin ƙungiyarmu ta adashi a Minna, ni ne sakatare. Ɗaya yana Bosso, ɗaya a Tunga, ma'ajiyarmu Hajiya kuma tana Chanchaga, don haka ta WhatsApp fayil ɗin yake yawo. A zagayen farko kowa ya gyara nasa kwafin. Hajiya ta ƙara kuɗin zubi a sashe na 7, Malam na Bosso kuwa ya goge sashen gaba ɗaya. Kwafi uku suka dawo mini, babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya taɓa.

Abin da ya cece mu shi ne Combine, da ke ƙarƙashin Compare a shafin Review na Word. Yana haɗa kwafi biyu ne kawai a lokaci guda, sai ka ɗauki wanda ya fito ka haɗa da na uku. Kalmomin kowa suna fitowa da sunansa, amma tsarin rubutu, irin girman haruffa da tazarar layi, na kwafi ɗaya kaɗai yake riƙewa. Na sha wuya a wannan haɗin, shi ya sa muka canza salo.

Tun daga zagaye na biyu, fayil ɗaya ne ke tafiya daga hannu zuwa hannu. Nakan kunna Track Changes da Ctrl+Shift+E, in sa Lock Tracking don kada wani ya kashe shi. Wanda ya gama sai ya ƙara lambar zagaye da harafin sunansa a sunan fayil, ya miƙa wa na gaba. Kuskuren rubutu a gyara kai tsaye. Maganar kuɗi ko hukunci kuwa ba a taɓa ta, sai dai a bar Comment a gefe, mu yanke a zama. Ni kaɗai ke danna Accept ko Reject, kuma sai zagaye ya ƙare, domin sabon zagaye ya fara a kan shafi mai tsabta. Tambayar da aka amsa a danna mata Resolve, kada a goge ta, saboda watarana wani zai ce, "Wa ya kawo wannan?"

Akwai tarko biyu. Kwamfutar shagon buga takardu takan sa wa duk wanda ya zauna suna ɗaya, sai gyaran mutum biyu ya fito kamar na mutum ɗaya. A canza User name a Options kafin a fara. Na biyun ya fi haɗari: No Markup ɓoye gyara yake yi, ba ya cire shi. Kafin ka tura wa shugaba kwafin ƙarshe, ɗan'uwa, koma All Markup ka duba. In ka ga layi ko ɗaya a gefen shafi, akwai sauran aiki.