Kafin ki sayi man nan, ja da baya taku biyu

 Yau wata magana ce ta cikin gida muka kawo muku, don mun san ba gidanmu kaɗai ta shafa ba.

Bayan Sallar layya, ƙanwarmu mai shekara 19 ta zo ta zauna kusa da mu da salula a hannu, fuska ba walwala. Ta ce: "Yaya, ranta mini jikka biyar." Muka ce na mi? Sai ta nuna mana hotuna biyu da wata mai saida man shafawa ta saka a WhatsApp. Na farko an rubuta "kafin", fuskar matar ta yi duhu, ƙasan ido ya zurma. Na biyu an rubuta "bayan sati biyu", fuska ta yi fes kamar an wanke. Daga nan ta buɗe nata hoton da ta ɗauki kanta da dare a ɗaki, ta ce: "Dubi yadda na yi baƙi, ga hanci kamar an ɗora mini."

Mu da muke ganinta kullum mun san wannan hancin ba nata ba ne. Amma faɗa da baki ba ya isa, don ta fi yarda da salula. Sai muka ce ta bari gari ya waye mu gwada.

Mu fara da hanci. Duk abin da ya fi kusa da kyamara shi ke fitowa babba, wannan kowa ya sani. Abin da ake mantawa shi ne fuska ba faifai ba ce, hanci yana gaba, kunnuwa suna baya da kamar santimita 10. In kin riƙe salula santimita 30 daga hancinki, to kunnuwanki suna santimita 40. Ke nan hanci zai ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku in an gwada shi da kunnuwa. In kuwa wani ya tsaya mita ɗaya da rabi, hanci yana santimita 150, kunnuwa 160, bambancin ya zama ɗan kaɗan. A shekarar 2018 wani likitan gyaran fuska na jami'ar Rutgers a Amurka, Boris Paskhover, da abokan aikinsa sun yi irin wannan lissafi. Sun samu cewa a tazarar santimita 30 hanci yakan ƙara faɗi da kusan kashi 30 cikin 100, a mita ɗaya da rabi kuwa kashi 7 kawai. Abin da ya sa suka yi binciken, mutane ne ke zuwa neman a rage musu hanci suna nuna hoton salfi a matsayin hujja.

Da safe muka tsaida ita a bakin zaure. Hoto na farko ita ta ɗauka da hannunta, yadda ta saba, salula tana ƙasa da haɓa. Ƙofofin hanci suka fito fili, haɓa ta yi nauyi, goshi ya ƙanƙance, kunnuwa suka kusan ɓacewa. Na biyu mu muka ɗauka, muka ja baya taku biyu, salula daidai tsayin idonta. Ta daɗe tana kallon su biyun. Ta ce: "Yaya, ka taɓa wani abu ne?" Ba mu taɓa komi ba. Minti ɗaya ne tsakaninsu.

Saura maganar duhu, wadda ita ce ta kusan cin jikka biyar. Hoton da ta ɗauka da dare, ampul ɗin ɗakin yana sama da kanta. Haske in ya sauko daga sama, gira tana yi wa ido inuwa, hanci yana yi wa leɓe inuwa, kuma duk ɗan ƙurji da ke kumatu sai ya samu tasa inuwar ya fito. Haka ma ranar tsaka ta Yamai take yi, don da azahar tana kusan bisa kai. Shi ya sa hoton da aka ɗauka a tsakiyar Katako ƙarfe ɗaya na rana ba ya yi wa kowa adalci.

Akwai kuma abin da salular ke yi da kanta. Tana auna hasken da ke cikin hoton gaba ɗaya, sannan ta zaɓi yadda za ta buɗe ido. In bayanki farin bango ne da rana ta buga, ko taga, ko sararin sama, sai ta ga haske ya yi yawa ta rage, fuskarki ta nutse cikin duhu. In bayanki duhu ne, sai ta ƙara, fuskar ta yi haske fiye da yadda take. Mun gwada wannan ma. Ta ba ƙofa baya, ta fito baƙa wuluk. Ta juyo ta fuskanci ƙofar, tana cikin inuwa hasken safiya yana shigowa daga gaba, sai ga launinta na gaskiya, har ɗan ja-ja da ta gado daga innarmu. A yawancin salula, in kin taɓa fuskarki a kan gilashin kafin ki ɗauka, za ta auna hasken daga nan.

Daga nan muka koma ga hotunan mai saida man, muka buɗe su da girma. Muka ce ta bar kallon fuska, ta dubi abin da mai ba zai iya canzawa ba. Bangon da ke bayan matar a hoton farko ruwan toka ne mai duhu, a na biyu ya koma fari tas. Kallabin kanta ma ya yi haske. Man shafawa ba ya fenti bango, ba ya wanke kallabi. Muka dubi ƙasan hanci: a na farko inuwa ta sauka har leɓe, a na biyu babu ita. Muka dubi cikin ƙwayar ido: na farko ba ƙyalli, na biyu ga ɗan farin ɗigo, alamar tana fuskantar taga ko fitila. Kuma a na biyun ramukan fata sun ɓace gaba ɗaya, fuska sumul kamar roba, wannan aikin filta ne. Ba mu ce man ba ya komi ba. Abin da muka ce, waɗannan hotuna biyu ba su nuna aikinsa ba, sun nuna an canza wurin tsayuwa.

Kuma in har yana sa fari cikin sati biyu, nan ne abin tsoro. Irin waɗannan mayuka sau da yawa akwai hidrokinon a ciki, ko kortikoyid mai ƙarfi, wani lokaci har da makuri. Fata takan yi laushi ta siranta, nankarwa ta fito, ƙuraje su ƙaru, daga baya a samu baƙin tabo da ke wuyar fita. Duk wannan saboda ampul guda da ke rataye ba inda ya kamata ba.

Gwajin yana da iyaka, dole mu faɗa. In tabo yana nan a inuwa, yana nan a gaban taga, yana nan a madubi, to na gaske ne, likitan fata za a kai wa, ba mai talla ba. Haske yana ɓoyewa kamar yadda yake ƙarawa.

Ba ƴan mata kaɗai ba. Mun ji wanda ya fasa zuwa ganin yarinya saboda hoto guda da aka turo masa. Mun ji uwar da ta kwana ba barci don ɗanta ya aiko hoto daga Agadas ido ya faɗa, alhali ƙarƙashin fitila ya tsaya. Kafin a yanke hukunci, a nemi wani hoton: wani ya ɗauka, daga taku biyu, daidai tsayin ido, cikin inuwa ana fuskantar haske, ba filta.

Ƙanwarmu ba ta sayi man ba. Jikka biyar ɗin kuma ba ta tsira ba, don ta ce tunda mun hana ta, sai mu biya kuɗin kitso. Mun biya. Ku kuma ku gwada hotuna biyun nan gobe da safe, ku faɗa mana abin da kuka gani.